Rahoto na Biyu Bayan Inji Ya Ji wa Ma'aikaci Rauni

Idan inji ya kama hannun ma'aikaci a masana'anta, rahoton farko cikin gaggawa ake rubuta shi, galibi kafin a kwana biyu. Mai raunin yana asibiti, ba ya cikin halin da za a zauna da shi a yi tambayoyi. Abokan aikinsa a tsorace suke, kowa yana auna maganarsa don kada laifi ya faɗo kansa. Manaja kuma hankalinsa yana kan yaushe za a tada inji. Ga doka ita ma ba ta jira. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba mai masana'anta kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar NSITF, Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta ce a sanar da sufeton masana'antu a rubuce duk haɗarin da ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci yin aikinsa fiye da kwana 3. Saboda haka abin da ke cikin rahoton farko, wani an gani da ido, wani zato ne, wani kuma alkawari ne na gyaran da za a yi.

Rahoto na biyu shi ne inda ake komawa kan waɗannan duka bayan ƙura ta lafa, yawanci tsakanin mako 4 zuwa 8. Aikinsa ya faɗi halin da mai raunin yake ciki yanzu, ya gyara abin da aka fahimta ba daidai ba a karon farko, sannan ya bi alkawuran gyara ɗaya bayan ɗaya ya ce wanne aka cika, da wace hujja. A masana'antu da yawa wannan rahoto shafi guda ne, an jera ayyuka an rubuta “an yi” a gaban kowanne. Irin wannan takarda ta fi rashinta haɗari, domin tana sa kowa ya saki jiki alhali injin yana nan yadda yake.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Misali ne da na haɗa daga irin abin da ke faruwa a masana'antun roba, irin waɗanda ke Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, don haka lambobin da ke ciki na misalin ne. Injin niƙa roba ne, wanda ake zuba masa fasassun bokitai da kujeru ta mazurari a sama, wuƙaƙe masu juyawa su daddatse su, gutsattsarin su faɗo ta rariya a ƙasa. Motarsa mai ƙarfin doki 15 ce. Mazurarin a kan hinji yake, ana kwance ƙusoshi biyu a ɗaga shi idan ana son kaiwa ga wuƙaƙen. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, wuƙaƙen suka kama yatsu uku na hannun daman wani ma'aikaci. Rahoton farko ya ce ya buɗe murfi ya sa hannu inji yana aiki, dalilin haɗarin kuma ganganci ne da rashin bin ƙa'ida. Ya jera ayyuka shida: a ba shi takardar gargaɗi, a sake koyar da ma'aikatan sashen, a gyara makunnin tsaro na murfi, a sayo kwaɗuna na kulle wuta, a manna allon gargaɗi, a cike takardun NSITF.

Kan rahoto na biyu ba ya buƙatar dogon bayani. A sa lambar rahoton farko da ranarsa, da lambar injin, da ranar haɗarin, da sunayen waɗanda suka yi binciken. Rahoton farko kuma a bar shi a fayil yadda yake, kada a goge ko harafi. Wanda ya koma ya gyara tsohuwar takarda don ta dace da sabon bayani ya lalata duka biyun, domin sufeto ko lauya da ya ga alamar an taɓa ta ba zai ƙara yarda da komai a fayil ɗin ba.

Daga nan sai halin mai raunin. A rahoton farko an rubuta yanka a yatsu uku, an ɗinke, ana sa ran zai dawo aiki cikin mako biyu. Zuwa mako na shida maganar ta canza. Likitocin ƙashi sun cire ɗan yatsan tsakiya daga gaɓa ta biyu saboda jini ya daina kai masa, jijiyar manuni kuma ta tsinke, an haɗa ta, yana zuwa gashi. Wannan canji ya taɓa komai da ke fayil ɗin. Raunin ya tashi daga na wucin gadi ya koma nakasa ta dindindin a wani sashe na jiki, kuma diyyar irin wannan da ma'aunin nakasar ake lissafa ta. Idan takardar da ke hannun NSITF har yanzu tana cewa yanka ne kawai, mutumin nan zai yi asarar haƙƙinsa ba tare da kowa ya yi niyyar cutarsa ba. Don haka rahoton zai faɗi ranar da aka karɓo sabon rahoton likita da ranar da aka miƙa shi, da kwanakin da ma'aikacin ya yi ba ya aiki zuwa ranar rubutu. A tuna cewa dokar ta 2010 ta ba da shekara guda a nemi diyya, ta haɗa har da ɗan kwadago na wucin gadi da mai koyon aiki, kuma ba ta yarda da yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe diyyarsa ba. Kuɗin da manaja ya ba iyali a asibiti alheri ne, Allah Ya saka masa, amma bai cire wa masana'anta wannan nauyi ba. Bayanin lafiyar kuma a taƙaita shi ga abin da aiki ke buƙata, sauran sirrinsa ne shi da likitansa.

Yanzu mun zo inda aikin yake da nauyi, wato sake duba dalilin haɗarin. Abin da ya fi komai amfani a nan shi ne bakin mai raunin, wanda ba a ji ba a karon farko. A je masa gida ko asibiti, a gaisa, a yi masa sannu, a bar wani ɗan'uwansa ko wakilin ƙungiyar ma'aikata ya zauna a wurin. Kada mai tambayar ya zama shi ne sufabaizan da ke kansa. Tambayar da ke buɗe baki ita ce, “Malam, yi mini bayanin daren nan tun daga lokacin da ka karɓi aiki.” Wanda ya fara da “me ya sa ka sa hannu” ba zai samu komai ba sai ban haƙuri. A misalinmu, amsar da aka samu ita ce: “Yallaɓai, wallahi injin a tsaye yake. Wuta aka ɗauke. Na buɗe ina ciro robar da ta maƙale da fitilar wayata, sai kawai na ji ya tashi.”

Magana ɗaya ba ta isa a rushe rahoto ba, ko da ta mai rauni ce, sai an nemo abin da zai tabbatar da ita ko ya ƙaryata ta. Wuri na farko shi ne littafin mai kula da janareto. A ciki an ga an ɗauke wuta ƙarfe 2:11, an tada janareto an juya layi ƙarfe 2:15. Littafin maigadi ya nuna motar da ta kai mai raunin asibiti ta fita ƙarfe 2:24. Lokutan sun dace da maganarsa. Amma tambaya ta rage, domin injin da aka haɗa wa wuta daidai ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo.

Ga yadda abin yake. Motar irin wannan inji ta hanyar kontakta take samun wuta, kontakta kuwa makunni ne da maganaɗisu ke riƙewa. Idan ka danna koren maɓalli, maganaɗisun ya ja, mota ta tashi, sannan kontaktan ya ci gaba da riƙe kansa ta wata ƙaramar hanya da ke jikinsa ko da ka ɗauke yatsa. Da zarar wuta ta ɗauke, maganaɗisun ya saki, wannan ƙaramar hanya ta yanke. Wuta ta dawo ko ba ta dawo ba, motar ba za ta motsa ba sai mutum ya sake danna kore. Da aka buɗe akwatin wutar injin, sai aka tarar babu koren maɓalli. Ya lalace watanni da suka wuce, babu irinsa a sito, mai gyaran wuta ya sa makunni na murɗawa a madadinsa, irin wanda idan ka murɗa yake zama a inda ka bar shi. Da irin wannan makunni, injin a kunne yake ko babu wuta, jira kawai yake yi. Mai janareto yana juya layi daga can bayan masana'anta, wuƙaƙe suka juya.

Saura makunnin tsaro na murfi, wanda ya kamata ya hana mota tashi muddin mazurari yana ɗage. Rahoton farko ya ce ya lalace. Da aka kwance shi sai aka ga lafiyarsa ƙalau, wani ne ya haɗe wayoyinsa biyu da ɗan guntun waya ya naɗe da salatif, salatif ɗin har ya yi baƙi ya bushe saboda daɗewa. Mai gyaran wuta bai ɓoye ba. Ya ce girgizar injin tana sassauta murfin, makunnin ya riƙa tsayar da mota sau da yawa a dare, sufabaiza ya riƙa kiransa, har ya gaji ya haɗe shi. Ya kuma nuna takardar da ya rubuta wata biyar kafin haɗarin yana neman a sayo makunni mai jure girgiza da sababbin ƙusoshin murfi. Takardar tana nan a ofishin saye, ba a sa mata hannu ba.

Akwai abu na uku, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci a duk binciken. Injin niƙa roba idan ya tsaya da kaya a cikinsa, ba ya iya tashi sai an kwashe kayan, in ba haka ba motar ta yi gurnani ta kasa juyawa, ko bel ya ƙone. Ke nan duk lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakar niƙa, dole wani ya buɗe murfi ya ciro roba, kuma lokacin da yake yin haka shi ne daidai lokacin da ake ƙoƙarin dawo da wuta. Littafin janareto ya nuna an ɗauke wuta sau 23 a watan da ya gabaci haɗarin. Da aka tambayi sauran ma'aikatan ɗaya-ɗaya, kowa ya ce haka yake yi, da hannu, sai dai wanda ya tuna yakan murɗa makunni ya koma kashe kafin ya buɗe. Abin da ya tsaya tsakanin yatsun mutane da wuƙaƙe tsawon watanni shi ne kada mutum ya manta, cikin duhu, ƙarfe biyu na dare.

Yadda za a rubuta wannan a rahoto yana da ƙa'ida. A kawo maganar rahoton farko yadda take, a biyo ta da abin da aka gano, a biyo shi da hujja. Ga yadda zai kasance: “Rahoton farko, sakin layi na 3, ya ce ma'aikacin ya sa hannu inji yana aiki. An janye wannan magana. Injin a tsaye yake saboda ɗaukewar wuta, ya tashi da kansa da janareto ya kama. Hujja: littafin janareto, hoton akwatin wuta, bayanin ma'aikacin da na mai gyaran wuta.” Abin da rahoton farko ya faɗa daidai shi ma a ambace shi a ce yana nan, kamar lokacin haɗarin da sashen injin da ya yi raunin. Abin da aka kasa tabbatarwa kuma, kamar ainihin ranar da aka haɗe makunnin murfi, a rubuta cewa ba a tabbatar ba, kada a cike gurbin da kintace. Kuma a yi hattara da jarabar da ke zuwa a wannan gaɓa, ta a ɗauke laifi daga kan ma'aikaci a ɗora wa mai gyaran wuta a ce an gama. Ya yi abin da bai kamata ba, rahoton zai faɗi haka. Amma Dokar Masana'antu a kan mai masana'anta ta ɗora nauyin killace duk sashe mai haɗari na inji da tabbatar da kariyar tana wurinta muddin inji yana motsi, kuma takardar da ta yi wata biyar a ofishin saye tana cikin dalilan haɗarin kamar yadda guntun wayar yake ciki.

Da zarar dalili ya canza, dole a sake auna ayyuka shidan nan da sabon dalilin kafin a fara maganar rufe su. Takardar gargaɗi ita ce ta farko. An ba shi ita a kan ya sa hannu inji yana aiki, hakan kuwa bai faru ba, don haka a soke ta a rubuce, a cire ta daga fayil ɗinsa, a sanar da shi. Wannan yakan yi wa manajoji nauyi, amma sauran ma'aikata suna kallo, kuma daga abin da aka yi da wannan takarda za su yanke ko za su faɗi gaskiya a haɗari na gaba. Allon gargaɗi an manna, an ɗauki hoto, sai a rufe shi a layi guda, ba tare da an ɗauke shi a matsayin abin da zai hana komai ba. Takardun NSITF kuma suna nan a buɗe har sai hukumar ta yanke hukunci.

Makunnin murfi shi ne zai nuna bambancin “an yi” da “an gwada”. Injiniya ya kawo rahoto cewa an sa sabo, ga rasit. Mai rubuta rahoto ya je gaban injin da kansa, tare da injiniyan da ma'aikaci ɗaya daga cikin masu aiki da shi. Gwajin farko mai sauƙi ne: inji a tsaye, babu kaya a ciki, a ɗaga murfi, kowa ya ja baya, a danna maɓallin tashi. Motar ba ta motsa ba, wannan ya yi. Gwaji na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. A rufe murfi, a tada inji babu kaya, a kashe shi, a danna agogo ana kallon fuli ta ragar kariyar bel har ya tsaya cak. Wuƙaƙen injin niƙa a kan ƙarfe mai nauyi suke, yanke wuta ba ya tsayar da su nan take. A misalinmu sun ɗauki daƙiƙa 48. Sai a auna lokacin da ma'aikaci ke ɗauka ya kwance ƙusoshi biyu ya ɗaga mazurari, inji a kashe, wuta a kulle. Ya ɗauki daƙiƙa 20. Ke nan akwai daƙiƙa 28 da murfi zai iya zama a buɗe, mota ta yi shiru, wuƙaƙe kuwa suna gudu. Sabon makunnin yana aiki, amma hannu yana iya isa wurin kafin haɗarin ya wuce.

Ƙa'idar duniya ta ISO 14119 ta yi magana a kan wannan: idan lokacin tsayawar inji ya fi lokacin da mutum zai kai ga sashe mai haɗari, murfin yana buƙatar abin da zai riƙe shi a kulle har inji ya tsaya. Ana yin haka da makulli na lantarki da ke saki bayan wani lokaci ko bayan ya ji motsi ya tsaya. Akwai kuma hanya mai sauƙin kuɗi da masu ƙera irin waɗannan injuna suka daɗe suna amfani da ita, wato doguwar ƙusa mai zare siriri, wadda juyi na farko-farko yake yanke wutar mota, amma sai an daɗe ana murɗa ta kafin murfi ya saki. A rahoton sai a rubuta cewa aiki na uku bai rufu ba, an canza shi zuwa sabon aiki, ga wanda zai yi, ga rana. Bayan an sa ƙusar aka sake gwaji da ma'aikacin da ya fi kowa saurin hannu, ya ɗauki daƙiƙa 75. An rubuta lambobin biyu, 48 da 75, da ranar gwaji da sunayen waɗanda suka tsaya. A nan ne ya rufu.

Koren maɓalli ba ya cikin ayyukan rahoton farko ko kaɗan, tunda ba a san da matsalarsa ba. Rahoto na biyu zai buɗe shi a matsayin sabon aiki, idan an riga an gama kuma ya rufe shi a take. Gwajinsa shi ne a kwaikwayi daren haɗarin ba tare da hannun kowa a ciki ba: a tada inji babu kaya, murfi a rufe, a yanke wutar sashen daga babban akwati, a jira wuƙaƙe su tsaya, a dawo da wuta. Injin ya zauna shiru har sai an danna kore. A maimaita, sau ɗaya aƙalla ta hanyar juya layi zuwa janareto, domin ta nan abin ya zo. Daga nan a zagaya sauran injunan masana'antar da wannan tambaya guda. Mai gyaran da ya sa makunnin murɗawa a inji ɗaya saboda babu maɓalli a sito, da wuya a ce a nan kaɗai ya sa. A misalinmu an samu irinsa a wani injin niƙa na biyu da kuma bel mai ɗaukar kaya, aka gyara su aka gwada su kamar na farko.

Kwaɗuna kuma labarinsu ya fi kowanne nuna yadda takarda ke yaudara. An sayo guda 12, sitokifa ya shigar da su littafi, a jadawalin ofis an riga an rubuta an kammala. Da aka je gaban inji sai aka ga makunnin da ke yanke masa wuta ba shi da hudar da za a rataya kwaɗo, kuma yana can cikin babban akwati da ke wani ɗaki. Kwaɗunan suna sito cikin kwalinsu. Manufar aikin tun farko ita ce mai sa hannu a inji ya yanke wutar da kansa, ya kulle da kwaɗonsa, makulli guda ɗaya tak kuma yana aljihunsa, sannan ya danna kore ya tabbata babu motsi kafin ya buɗe. Don haka aikin ba zai rufu ba sai an kafa makunni mai hudar kwaɗo a jikin bango kusa da injin, an raba kwaɗunan da sunan kowa a jiki, an kuma je aikin dare ba tare da sanarwa ba an ga ana yi. Tare da shi a haɗa ƙugiyar ciro roba mai dogon mariƙi da fitila mai batir a saman injin, tunda an riga an san za a ci gaba da ɗauke wuta kuma za a ci gaba da kwashe kaya.

Koyarwa ma haka. Takardar halarta ta nuna mutum 14 cikin 19 sun sa hannu, biyar ɗin da suka rage duk 'yan aikin dare ne, su ne kuwa suka fi kowa buƙata. Kuma abin da aka koyar a makon farko shi ne kada a sa hannu inji yana aiki, abin da babu wanda bai sani ba. Sabuwar koyarwar a gaban inji za a yi ta, da Hausa, kowa ya yi da hannunsa: wuta ta ɗauke, ka yanke, ka kulle, ka gwada, ka murɗa ƙusa, ka ciro da ƙugiya. Mai janareto shi ma ya shiga, ya san ba ya juya layi sai ya busa jiniya ko sufabaiza ya ba shi izini.

Wanda aka ɗora wa aiki ba shi ne zai sa hannu a kan an rufe ba. Injiniya ya ce ya gama, wani dabam ya gwada ya sa hannu, wakilin ma'aikata ya shaida. Ayyukan da suka rage a buɗe kuma kowanne ya fito da sunan mutum guda da rana guda. Idan aka rubuta “sashen gyara” ko “nan ba da jimawa ba”, babu wanda za a tambaya ranar da aka tashi tambaya. Idan an ɗaga ranar wani aiki, a faɗi dalili, a kuma faɗi abin da ke kare mutane kafin lokacin. Idan babu abin da ke kare su, injin ya zauna a kulle, ko da kaya sun taru.

A misalinmu rahoton ya fita da ayyuka uku a buɗe: diyyar NSITF, da gyaran tsarin ofishin saye ta yadda buƙatar da ta shafi kariyar inji ba za ta wuce mako guda ba a amsa ba, da dawowar mai raunin. Likita ya ce zai iya aiki marar nauyi daga mako na goma, don haka an shirya masa wurin awon kaya da rubuta lamba a kan albashinsa na da, komawarsa kan inji kuma sai likita ya amince shi ma ya amince. An sa ranar sake dubawa bayan wata uku, da abubuwan da za a duba a rubuce: a buɗe makunnin murfi a ga ko an sake haɗe shi, a ƙirga sau nawa ya tsayar da inji ba dalili tun da aka sa sababbin ƙusoshi, a sake auna daƙiƙun tsayawa da na buɗewa, a kuma gwada littafin janareto da rajistar kulle wuta a ga ko duk ɗaukewar wuta ana tsakar niƙa tana da layin kulle kwaɗo a gabanta. Kwafi ɗaya ya tafi fayil, ɗaya ga sufeton masana'antu tunda bayanin da aka aika masa a farko ya canza, ɗaya ga mai raunin, a kuma karanta wa ma'aikatan kowane shif taƙaitaccensa kafin su kama aiki.